Babi na Bakwai: Ganawa da Mai Ɗaukar Aiki Daga Nesa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora da hantsi, a daidai inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin da ya taso daga Kano zuwa Zariya, ya ga yadda motoci ke kwasar samari da 'yan mata, wasu zuwa birnin Kano, wasu Kaduna, wasu kuma su ratsa dajin Falgore su nufi Jos, zai fahimci abin da iyayenmu suke nufi da neman aiki: mutum ya wanke rigarsa, ya goge ta, ya sa takardunsa a jaka, ya nemi addu'ar mahaifa, sa'an nan ya tafi ya gurfana a gaban wanda zai ɗauke shi. A kan wannan ƙa'ida aka gina horon da ɗalibai suke kira siwes, wanda hukumar ITF ta assasa tun cikin shekarun 1970, domin ɗalibi ya je ma'aikata da ƙafarsa, ya zauna ƙarƙashin idon wanda ya fi shi sani. Yau kuwa an sami wani nau'i na horon aiki wanda ba a shiga mota dominsa, sai dai ɗalibi ya zauna a ɗakinsa a Kiru ko Bebeji, alhali waɗanda yake yi wa aiki suna Legas, ko Nairobi, ko wata ƙasa ta Turai. Kuma tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 domin koya wa matasa sana'o'in kwamfuta, masu neman irin wannan gurbi daga ƙauyukanmu sun ƙaru ƙwarai. Ba kowane shiri ne yake ganawa da masu nema ba, don kuwa shirin Outreachy, wanda yake ɗaukar mutane horon wata uku sau biyu a shekara, ya fi dogara ga aikin da mai nema ya gabatar a lokacin zaɓe. Amma galibin kamfanoni sai sun ga fuskarka sun ji muryarka ta bidiyo kafin su amince.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, wannan ganawa ba kamar ta ofis ba ce da aka mayar cikin waya. Wanda zai ɗauke ka aikin nesa yana da wata damuwa da mai ofis ba shi da ita, watau ba zai gan ka ba bayan yau, ba zai iya leƙowa ya duba ko kana kan kujerarka ba, saboda haka abin da yake nema a cikin rabin sa'ar da zai yi da kai shi ne hujjar cewa za a iya ba ka amana a bayan ido. Shigarka a kan lokaci, da fitar muryarka sarai, da yadda ka yi sa'ad da sabis ya yanke, duk shaidu ne da yake karɓa tun kafin ka amsa tambaya ta farko.

Zan bi da mai karatu ta hanyar da na bi da ɗan yayata, wanda ya gama karatun kimiyyar kwamfuta ya komo gida a wani ƙauye kusa da Kwanar Dangora, kuma wani ƙaramin kamfani a Nairobi ya gayyace shi ganawa domin horon wata uku a kan tsara shafukan intanet.

Mas'alar farko da ta taso ba ta na'ura ba ce, ta agogo ce. Takardar gayyata ta ce ƙarfe uku na yamma ranar Jumma'a, da haruffa `EAT` a gefen lokacin, shi kuwa yaron ya karanta ukun ya wuce haruffan, har ya fara murna cewa zai sauko daga masallaci ya ci abinci ya kintsa a tsanake. Waɗannan haruffa suna nufin agogon Afirka ta Gabas, wanda yake gaba da namu da sa'a biyu, don haka ukun Nairobi ƙarfe ɗaya ne a Kano, lokacin da jama'a suke haramar tafiya sallar Jumma'a. Nijeriya ba ta juya agogonta rani da damina, amma Turawa suna juya nasu, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: Landan daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni kuwa tana baya da sa'a ɗaya, Balin tana gaba da mu da sa'a ɗaya lokacin zafinsu, ta daidaita da mu lokacin sanyinsu, birnin Niyok yana baya da sa'a biyar a bazararsu, shida a hunturunsu, Indiya kuwa tana gaba da mu da sa'a huɗu da rabi kullum. Na ce masa ya rubuta musu imel gajere, ya faɗi gaskiya cewa lokacin ya ci karo da sallar Jumma'a, ya kuma kawo musu lokuta biyu da zai iya, kowanne a rubuce da agogonsu da namu. Ya yi nauyin baki, yana tsoron kada su ce ya cika sharaɗi tun ba a ɗauke shi ba, alhali kuwa neman canjin lokaci kwana huɗu kafin ranar, tare da kawo madadi, ladabi ne da duk ma'aikacin nesa yake yi kowane mako. Suka mayar da ita ranar Talata ƙarfe goma sha ɗaya nasu, watau tara na safe namu.

Sai muka koma kan sabis, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne mafi yawan 'yan yankinmu suke faɗuwa ba tare da sun san dalili ba. Yaron ya ce mini, «Kawu, sabis ɗina lafiya lau yake, ina kallon bidiyo ba ya tsayawa.» Na ce masa kallon bidiyo ba hujja ba ce, saboda dalilai biyu. Na farko, mai kallo karɓa kawai yake yi, mai ganawa kuwa yana karɓa yana aikawa, kuma aikawa ita ce mai wuya, don kuwa turken sabis yana da ƙarfin da zai jefo maka saƙo daga nesa, amma 'yar wayar da ke hannunka ƙarfinta kaɗan ne wajen mayar masa, balle idan kana cikin ɗaki mai kaurin bango da rufin kwano. Na biyu, bidiyon kallo yana tara 'yan daƙiƙoƙi a ajiye kafin ya nuna maka, ta yadda ko sabis ya yi tuntuɓe ba za ka lura ba, magana kai tsaye kuwa ba ta da rumbu, abin da ya ɓace a hanya ya ɓace, sai abokin maganarka ya ji kalmominka a guntule.

Awon da ake bukata ba mai yawa ba ne. Kamfanin Zoom da kansa ya bayyana cewa ganawar mutum biyu tana son kimanin 600 kbps hawa da sauka domin hoto mai kyau, da 1.2 Mbps domin hoto mai tsabta irin wanda ake kira 720p, murya kaɗai kuwa 60 zuwa 80 kbps ta ishe ta. Muka buɗe shafin `fast.com`, wanda da farko saurin saukowa kaɗai yake nunawa, sai an danna `Show more info` sa'an nan saurin hawa ya bayyana. A cikin ɗakinsa layinsa na kullum ya ba da saukowa wajen 6 Mbps, abin da ya faranta masa rai, amma hawa bai kai rabin Mbps ɗaya ba. Da muka ɗora wayar a bakin taga ta gabas, ɓangaren da ke fuskantar titi, hawan ya haura 2 Mbps, ba tare da mun canza komai ba sai mazaunin wayar.

Sauri kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai tabbata, kuma ana gane ta da wani umarni ɗan ƙarami da ake bugawa a tagar `cmd` ta kwamfuta mai Windows:

```
ping -n 50 8.8.8.8
```

Ma'anarsa ita ce kwamfutarka ta aika ɗan saƙo sau hamsin zuwa wata na'ura ta Google, ta ƙirga nawa suka dawo da kuma tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka. A ƙarshe za ka ga layin da aka rubuta `Lost`, shi ne adadin waɗanda suka ɓace, da kuma `Average`, shi ne matsakaicin jinkiri. Idan jinkirin yana ƙasa da 150ms, zance zai tafi kamar kuna ɗaki ɗaya. Idan ya yi nisa sama da haka, sai ku riƙa katse juna, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya gama magana. Ɓacewa kuwa, ɗaya cikin hamsin ana iya jure ta, amma a gwajinmu na dare layin nan ya zubar da huɗu, watau takwas cikin ɗari, kuma da irin wannan ne murya take zama kamar ta mai magana cikin tulu. Da safe ƙarfe tara, lokacin da masu amfani da turken ba su yi yawa ba, bai zubar da ko ɗaya ba. Daga nan ne ƙa'idar ta fito, cewa gwaji ba ya zama hujja sai an yi shi a wurin da za a zauna, a sa'ar da za a yi ganawar, kwana biyu ko uku a jere. Kuma a gwada layi biyu na kamfanoni dabam-dabam, ko MTN ne da Airtel, ko Glo, gwargwadon wanda ya fi kamawa a unguwarku, domin wanda ya yi kyau a bakin titin Kwanar Dangora ba lalle ne ya yi kyau a Riruwai ko a ƙauyukan bakin madatsar Tiga ba. Wanda gwajin ya nuna masa cewa ƙauyensu ba zai ɗauki ganawar ba, to, ya nemi ɗaki a gidan ɗan'uwa a gari mafi kusa, ya je can ya sake gwajin tun da sauran kwanaki, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Lissafin data mai sauƙi ne. Idan hoto yana hawa da 1.2 Mbps yana sauka da 1.2 Mbps, jimla 2.4 ke nan, a raba da takwas a sami 0.3 MB kowace daƙiƙa, a ninka da daƙiƙoƙi 3,600 na sa'a guda a sami 1,080 MB, watau 1 GB da ɗoriya. Wanda ya tanadi 2 GB a kowane layi ya tsira, kuma ya duba ragowarsa da `*323#` da safiyar ranar, ya tabbatar ba irin datar dare ba ce ko wadda aka keɓe wa dandalin zumunta. Akwai ɓarawo guda da ya kamata a rufe wa ƙofa, shi ne kwamfutar kanta, wadda da zarar ta ji intanet sai ta fara sauko da sababbin gyare-gyarenta a ɓoye, ta cinye data ta kuma toshe hanya. Maganinta a kunna `Metered connection` a cikin saitin hanyar sadarwa.

Wani abu kuma da na ga ya ɓata wa mutane ganawa, alhali sun yi duk sauran shiri, shi ne kiran waya. A wayoyi da layuka da yawa, idan kira ya shigo, wayar takan sauka daga 4G zuwa tsohuwar hanya domin ta karɓi kiran, intanet kuwa ya raunana ko ya yanke ɗungurungum, kuma sanya wayar a shiru ba ya hana wannan, tun da kiran ya riga ya shigo. Muka gwada: na kira layin da yake ba kwamfutar intanet, nan take hoton ya daskare. Saboda haka muka sa layin da mutane ba su san lambarsa ba ya zama shi ne na ganawa, muka kuma haɗa wayar da kwamfuta ta igiyar caji, muka kunna `USB tethering`, abin da ya fi haɗin iska tabbata, kuma wayar tana shan caji daga kwamfutar a lokaci guda. Game da wuta kuwa, shawarata ita ce mutum ya yi shiri kamar babu ita sam: a cika batirin kwamfuta tun dare, a gwada a ga ko zai iya sa'a guda da kyamara a kunne, domin tsohon batiri yakan nuna cike sa'an nan ya mutu cikin minti ashirin, a kuma ajiye fawa-bank kusa. Janareta, idan dole ne, a kai shi bayan gida can nesa, don ƙararsa takan shiga makirufo fiye da yadda mai ɗaki yake zato.

Sauti ya fi hoto daraja a wannan sha'ani, kuma mai ganawa zai yafe maka hoto mai hazo amma ba zai iya auna amsar da bai ji ba. Abin kunne mai igiya, irin na kasuwa mai araha, ya fi makirufon jikin kwamfuta, kuma ya fi marar igiya aminci, tun da ba shi da batirin da zai ƙare. Zoom yana da ɗakin gwaji a `zoom.us/test`, inda za ka yi magana ya maido maka da muryarka ka ji da kunnenka; Google Meet kuma yana nuna maka hotonka da motsin muryarka kafin ka danna shiga. A koyi maɓallan rufe murya, `Alt+A` a Zoom, `Ctrl+D` a Meet, domin ranar da tirela za ta danna oda a kan titi ko injin niƙa na maƙwabta ya tashi. Haske ya zo daga gabanka, watau ka fuskanci taga, kada ka ba ta baya, in ba haka ba fuskarka ta zama inuwa. Kyamara kuma a ɗaga ta da littattafai har ta yi daidai da ido. Bango fari ko na laka mai tsabta ya wadatar, kuma ya fi hoton bango na ƙarya, wanda yake nauyaya tsohuwar kwamfuta. Yayata da kanta ta ɗauki alkawarin tsare ƙofa da ƙannensa na tsawon sa'a guda, kuma ina ganin wannan yana cikin shirin da bai kamata a raina ba, domin a gidajenmu ɗaki ba ya zama na mutum ɗaya sai da yardar mutanen gida.

Yanzu sai tambayoyi. Da Turanci za a yi su galibi, kuma kusan kullum ana buɗewa da cewa ka ba da labarin kanka. A nan tarbiyyarmu, wadda nake alfahari da ita, takan zame wa yaranmu tarnaƙi idan ba a fahimtar da su ba. An hore mu da kunya da tawali'u, an koya mana cewa yabon kai jahilci ne, kuma yaro ba ya zuba wa babba ido. Da na yi wa ɗan yayata tambayar a gwaji, sai ya sunkuyar da kai, ya faɗi sunansa da garinsu da makarantun da ya yi tun daga firamare, ya rufe da cewa shi dai ɗan koyo ne, bai san komai ba tukuna. Na ce masa, «Ɗana, akwai bambanci tsakanin ujubu da shaida. Mai ujubu yana cewa ya fi kowa. Mai shaida yana faɗin abin da ya aikata, yadda ya aikata shi, ba ƙari ba ragi.» Malamanmu ma, idan suna bayanin halaccin mutum ya ambaci cancantarsa yayin da bukata ta kama, sukan kafa hujja da ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya bayyana wa sarkin Masar da bakinsa cewa ya dace da kula da taskokin ƙasa. Muka sake gina amsar a kan abu uku da ba za su wuce minti ɗaya da rabi ba: abin da ya karanta, abu ɗaya da ya gina da hannunsa, da dalilin da ya sa wannan gurbi ya dace da inda ya dosa. Batun ido kuwa, na nuna masa cewa kallon mutum a bidiyo shi ne kallon ramin kyamara, ba kallon fuskar da ke kan allo ba, kuma su a wurinsu sunkuyar da kai alamar rashin tabbaci ce ko karanta amsa daga takarda.

Tambaya ta biyu da ba ta faɗuwa ita ce ta aikin da ka taɓa yi da wahalar da ka haɗu da ita a cikinsa. Yaron yana da abin faɗi, sai dai bai ɗauke shi a bakin komai ba: ya taɓa yi wa wani mai sayar da taki da maganin feshi ɗan shafi na rubuta bashin manoma, wanda ya ci bashi, da buhu nawa, da ranar biya bayan kaka. Da farko shafin ya ƙi buɗewa a wayar mai shagon saboda nauyin hotuna da raunin sabis, sai ya rage hotunan ya kuma sa bayanan su zauna a cikin wayar har sabis ya dawo. Wannan labari ya fi jerin sunayen harsunan kwamfuta goma daraja, domin yana da mutum, da matsala, da abin da aka yi, da sakamako. Abu ɗaya na gyara masa, shi ne yawan cewa «mun yi», wanda a bakinmu ladabi ne, amma mai sauraro daga waje zai ɗauka aikin taro ne, ya rasa gane wane ɓangare ne naka. Inda kai kaɗai ka yi, ka ce ni; inda kuka yi tare, ka faɗi rabon kowa. Kuma idan za a nemi ka nuna aikin, ka gwada `Share screen` tun kafin ranar, ka rufe duk wata taga da ba ka so a gani.

Za su tambaye ka dalilin da ya sa ka zaɓe su, kuma amsar ba ta samuwa sai ga wanda ya karanta shafinsu ya gwada abin da suke sayarwa. Jimla biyu masu nuna ka duba sun isa.

Amma tambayar da ta fi shafar ɗan Nijeriya, ko an yi ta a fili ko an lulluɓe ta cikin zancen yadda kake tsara lokacinka, ita ce ta wuta da intanet. Jarabar da ke nan ita ce mutum ya ce ba shi da matsala ko kaɗan, alhali mai tambayar, musamman idan ɗan Afirka ne, ya san halin da ake ciki, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, mako na biyu zai tona shi. Amsar da muka shirya ita ce gaskiya tare da tanadi: cewa wuta ba ta tabbata a garinsu, amma kwamfutarsa tana riƙe caji sa'a uku, akwai shagon da ke da sola inda yake caji, yana da layi biyu, sabis ya fi kyau daga safe zuwa azahar, wanda ya dace da lokacin aikin Nairobi, kuma idan hadarin damina ya yanke komai zai aika saƙo kafin lokacin taro, ba bayansa ba. Haka kuma ya faɗi tun yanzu cewa ranar Jumma'a zai tashi na sa'a biyu da rana. Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sa'an nan ka faɗi yadda za ka bi ka nemo, domin ɗan koyo ake nema, kuma abin da ake aunawa shi ne hanyar tunaninsa. A ƙarshe za a ce ko kana da tambaya, kada ka ce babu: ka tambayi wanda zai riƙa duba aikinka da kuma sau nawa a mako, da sa'o'in da ake so kowa ya kasance a kan layi, da ko akwai alawus da hanyar da ake biyansa zuwa Nijeriya. Kuma ina gargaɗi da babbar murya, duk wanda ya nemi ka biya kuɗin rajista ko na horo kafin ganawa, ko ya nemi lambar BVN ɗinka ko lambar sirri da banki ya turo maka, ba mai ɗaukar aiki ba ne, ka rabu da shi.

Ranar Talata ya shiga saura minti biyar, ya gaisa a taƙaice, tun da na riga na faɗa masa cewa gaisuwarmu mai tambayar gida da iyali da gajiya ba ta da gurbi a rabin sa'ar da aka ƙayyade. Tun a farkon zance ya faɗi jimla ɗaya da muka shirya, cewa idan sabis ya raunana zai kashe hoto ya ci gaba da murya, idan kuma ya yanke gaba ɗaya zai dawo cikin minti biyu ta wani layi. Wajen minti na goma sha takwas, yana tsakiyar labarin mai taki, sai fuskokinsu suka daskare, Zoom ya nuna gargaɗin cewa haɗin ba shi da tabbas. Ya kashe kyamara da `Alt+V`, abin da ya rage nauyin da yake aikawa wajen ninki goma sha biyar, muryar ta dawo na ɗan lokaci, sa'an nan ta sake yankewa. Bai tsaya jiran ta gyaru ba, ya ɗauki waya ta biyu, wadda tun safe an buɗe mata mahaɗin ganawar an jingine ta a kan littattafai da abin kunnenta, ya danna ya shiga. Ya ba da haƙuri da kalma ɗaya, ya tambaye su inda suka daina jinsa, ya ɗora daga nan. Ina zaune a tsakar gida ina duban agogo, kuma tsakanin yankewa da dawowarsa bai cika minti biyu ba.

Da yamma ya aika musu imel na godiya mai layi huɗu, ya haɗa da mahaɗin shafin mai taki, domin hoton ya yanke kafin ya nuna shi.

Kai kuma mai karatu, idan takardar gayyata ta zo maka, ka fara duba haruffan da ke gefen lokacin, ka mayar da shi agogon Kano ka rubuta a takarda. Sa'an nan ka ɗauki wayarka da kwamfutarka ka je ɗakin da za ka zauna, a daidai wannan sa'a, ka yi gwajin farko tun gobe.